Renon Maraƙi da Bokiti, Daga Haihuwa Zuwa Yaye

Duk wanda ya taɓa zuwa ruga da sassafe a ƙasarmu ta Gwarzo ko Kabo ya san yadda ake tatsa. Maruƙa suna kwana a ɗaure a dangwali. In gari ya waye sai a kwance ɗaya ya ruga wurin uwarsa, ya ɗan tsotsa, sa'an nan a janye shi a riƙe a gabanta, mai tatsa ya durƙusa da ƙwaryarsa. Abin da ya rage a hantsa bayan an gama shi ne rabon maraƙi. Wannan hanya ta daɗe, kuma tana da dalilinta. Illarta guda ce, watau ba wanda ya san yawan abin da maraƙin ya sha. Da damina rabonsa yakan ishe shi. Da bazara kuwa, sa'ad da ciyawa ta ƙare, kuɗin nono ya hau a kasuwa, sai hannun mai tatsa ya yi nauyi, maraƙi ya tashi da ƙaton ciki da siraran ƙafafu.

Akwai wata hanya, ita ce a raba maraƙi da uwarsa tun yana ɗan kwana kaɗan, a tatse nonon duka, a auna masa rabonsa a bokiti safe da yamma har ranar yaye. A kanta nake so in yi bayani, bisa ga abin da muka koya a darasin aikin gona, da kuma abin da na gani a gidan baffana a Jama'a, inda aka reni wata maraƙa ta wannan hanya.

Kafin a sayi bokiti sai a fara duban saniyar, domin ba kowace saniya ce ta dace da wannan reno ba. Nono ba ya zuba don an matsa kawai. Sai saniya ta ga ɗanta, ta ji ƙanshinsa, ta ji bakinsa a hantsarta, sa'an nan wani sinadari da ake kira oksitosin ya fito daga ƙarƙashin ƙwaƙwalwarta ya bi jini, ya matse 'yan jakunkunan da nono ke ciki. Shi ne abin da muke cewa ta saki nono, kuma ƙarfinsa ba ya wuce 'yan mintoci. Shanunmu masu tozo, Bunaji da Rahaji da Bokoloji, yawancinsu ba sa sakin nono sosai in ba ɗansu a kusa. In aka ɗauke shi ɗungum sai nonon ya ja baya, wata ma ta ƙafe cikin 'yan makonni. Shanun Turai irin su Firisiyan an yi ɗaruruwan shekaru ana zaɓen waɗanda ke saki ba tare da maraƙi ba, shi ya sa su ba ruwansu. Ruwa-biyu kuwa, watau 'ya'yan Firisiyan da Bunaji, suna tsakani, da yawansu sukan saba da hannun mutum in an fara tun haihuwar fari. An daɗe ana gwada irin wannan haɗi a Shika kusa da Zariya, inda aka buɗe gonar kiwo a 1928, wadda a 1976 ta zama Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello.

Saboda haka ra'ayina shi ne, mai Bunaji zalla wadda abin da ake tatsa daga gare ta bai wuce lita ɗaya ko biyu ba, kada ya wahalar da kansa. Gara ya bar maraƙi ya yi ta tsotso, amma ya ware masa kan nono biyu daga cikin huɗun kada a taɓa su. Bokiti na mai saniyar madara ne, da kuma wanda uwar maraƙinsa ta mutu ko ta ƙi shi, wanda shi dole ce ta sa shi.

Saniyar baffana ruwa-biyu ce, ta haihu a ƙarshen watan Yuli, ana tsakiyar ruwa. Kwana biyu kafin haka an share rumfar da za ta haihu, an kwashe tsohon taki, an shimfiɗa busasshiyar ciyawa. Da maraƙar ta faɗo, abu na farko da aka yi shi ne share mata majina daga hanci da baki don ta yi numfashi, aka bar uwar ta lashe ta. Na biyu shi ne cibiya. Cibiyar sabon maraƙi ƙofa ce a buɗe zuwa cikin jikinsa, in ta kwanta a kan kashi sai ƙwayoyin cuta su bi ta nan su shiga. Bayan mako ɗaya ko biyu sai a ga cibiya ta kumbura tana zafi, ko gwiwoyi su kumbura maraƙi ya kasa tashi, mutane su ce iska ce ta buge shi, alhali kuwa tun ranar haihuwa aka yi sakaci. Maganin abin mai sauƙi ne. A zuba ruwan aidin a ɗan murfi, a tsoma cibiyar duka a ciki har gindinta, a maimaita washegari. Kada a shafa mata toka ko kashin shanu. Mabiyiya kuma in ta faɗo a kwashe ta da shebur a binne. Kada a taɓa ta da hannu tsirara, domin cutar bakkale mai sa shanu ɓari tana kama mutum ta wannan hanya.

Yanzu sai maganar dakashi, watau nonon farko mai kauri, mai ruwan ƙwai, wanda saniya ke fitarwa bayan haihuwa. A nan ne ya kamata mu tsaya sosai, don kuwa duk tsabtar da za a yi nan gaba ba ta gyara kuskuren da aka yi a wannan rana. Jaririn mutum yakan sami garkuwar cututtuka daga jinin uwarsa tun yana ciki. Maraƙi ba haka yake ba, mahaifar saniya ba ta barin garkuwar nan ta ratsa zuwa gare shi. Yakan zo duniya ne ba shi da makami ko ɗaya, duk makamansa suna cikin dakashi. Har ila yau hanjinsa ba ya karɓar su kullum. A sa'o'in farko bangon hanjin yana barin su su wuce cikin jini yadda suke. Daga nan ƙofar ta yi ta tsukewa, bayan awa 6 ta ragu ƙwarai, bayan awa 24 ta rufe. Dakashin da maraƙi ya sha a rana ta biyu abinci ne mai kyau, amma ba zai ƙara shiga jini ya zama garkuwa ba.

Ƙa'idar da masana suka bayar ita ce maraƙi ya sha dakashi kimanin kashi ɗaya cikin goma na nauyin jikinsa, cikin sa'o'in farko, kuma a fara tun bai cika awa 2 a duniya ba. An auna maraƙar baffana ta hanyar sa ta cikin buhu a rataya a sikelin awon gyaɗa, ta yi kilo 25. Ke nan rabonta lita biyu da rabi. Aka wanke hantsar uwar da ruwan ɗumi, aka tatsa, aka ba ta lita ɗaya da rabi a cikin kwalba mai kan roba, bayan wajen awa 5 aka ba ta sauran lita ɗaya. Wani zai ce me ya sa ba a bar ta ta tsotsa da kanta ba? Ana iya bari, ba laifi, muddin mutum ya tsaya ya ga ta kama, ya ga cikinta ya taso. Ganin maraƙi yana tura kai ƙarƙashin uwarsa ba shi ne shaidar ya sha ba. Abin da bai kamata a yi ba ko kaɗan shi ne a zubar da dakashi wai don ya yi kauri zai ɓata ciki, ko a tafasa shi, domin wuta tana dasƙarar da shi ta lalata amfaninsa.

A rana ta biyu aka mai da maraƙar ɗakinta. Ba wani gini ba ne, 'yar rumfa ce a gefen da iska ba ta kaɗo ruwa, an kewaye ta da itace, faɗinta kamar taku biyu tsawonta taku uku, an ɗaga daɓenta da tsakuwa don kada ruwa ya kwanta, aka shimfiɗa ciyawa. An yi ta nesa da turken manyan shanu da awaki, don kashinsu ne ke ɗauke da yawancin cututtukan da ke kashe ƙanana. Malaminmu ya koya mana yadda ake gane shimfiɗa ta yi: ka durƙusa a kanta da gwiwa na ɗan lokaci, in ka tashi wandonka ya jiƙe to ba ta dace da maraƙi ba.

Koya wa maraƙi shan bokiti yana bukatar haƙuri, don halittarsa ita ce ya ɗaga kai sama ya tsotsa, kai kuwa kana so ya sunkuya ya sha. Gara a fara sa'ad da yake jin yunwa. Sai ka wanke hannu, ka ja shi baya har gindinsa ya tokari kusurwa, ka haye wuyansa ka riƙe shi tsakanin ƙafafunka. Ka tsoma yatsu biyu a nono ka sa masa a baki. Da ya fara tsotsa sai ka riƙa saukar da hannun a hankali har yatsun su shiga cikin nonon, ka ɗan buɗa su don nono ya bi tsakaninsu. Ka lura hancinsa kada ya nutse, in ya shaƙa zai firgita, kuma nonon da ya shiga huhu yana jawo ciwon haƙarƙari. In ya yi nisa da sha sai ka zare yatsun sannu. Zai ɗago ya neme su, sai a sake. Tamu ta gane a kwana na uku. Ka riƙe bokitin da kyau, don maraƙi yana tunkuyi kamar yadda yake yi wa hantsar uwarsa, ni kaina na sha wankan nono ba sau ɗaya ba.

Akwai abin da ke faruwa a cikin maraƙi a lokacin nan wanda in mutum ya fahimce shi, sauran dokokin bokiti duk za su zame masa a fili. Saniya tana da ciki huɗu. Babban shi ne tumbi, inda ciyawa ke jiƙa ta ruɓe, na huɗun kuwa shi ne mai kama da namu. A jikin sabon maraƙi tumbi ɗan ƙarami ne, bai fara aiki ba, na huɗun ne kaɗai ke iya narkar da nono. Sa'ad da maraƙi ke tsotsa cikin marmari, wata tsoka da ke ƙarshen maƙoshi takan naɗe ta zama kamar indararo, ta wuce da nono kai tsaye zuwa ciki na huɗu, inda yake dasƙarewa kamar kindirmo ya narke a hankali. In nonon ya yi sanyi, ko maraƙi ya kwankwaɗe shi da gaggawa, ko ana korarsa yana tsoro, indararon ba ya rufewa daidai. Sai nono ya zuba cikin tumbi ya yi tsami a can, ciki ya kumbura, zawo ya biyo baya.

To shi ya sa ake ba da nono da ɗuminsa, kamar yadda ya fito daga hantsa, wajen digiri 38. Hanya mafi sauƙi ita ce a ba shi nan take bayan tatsa. In ya huce a sa bokitin cikin wata roba mai ruwan zafi har ya yi ɗumi, a ɗiga a bayan hannu a ji, kada ya yi zafi kada ya yi sanyi. Shi ya sa kuma ake tsai da lokaci, in ƙarfe bakwai na safe ne da biyar na yamma to kullum haka. Kuma ba a sirka nonon da ruwa don ya yi auki, domin nono mai ruwa ba ya dasƙarewa da kyau, maraƙi ya cika ciki amma bai ƙoshi ba. Haka nan koko da kunu, a makonni uku na farko maraƙi ba ya iya narkar da garin hatsi yadda ya kamata, duk wanda ya maye masa nono da su zawo ya saya. Akwai bokiti mai kan roba a gindinsa wanda ake ratayewa maraƙi ya tsotsa. Ya fi buɗaɗɗen bokiti dacewa da halittarsa, sai dai wankinsa ya fi wuya, don sai an kwance robar kowane lokaci.

Ga yadda aka auna wa maraƙar nan abincinta. Mudun awon shi ne robar ruwan sha mai cin lita ɗaya da rabi. Kwana huɗu na farko nonon uwarta kaɗai ta sha, sau uku a rana, lita ɗaya kowane sha. Daga nan har ta cika mako biyu aka ci gaba da lita 3 a rana. Daga mako na uku zuwa ƙarshen na takwas aka ƙara zuwa lita 4, biyu da safe biyu da yamma. Mako na tara da na goma aka koma lita 3, na sha ɗaya lita 2, na sha biyu lita 1 da safe kawai. In mun yi lissafi, kwana 14 sau 3 ya ba da 42, kwana 42 sau 4 ya ba da 168, wasu kwana 14 sau 3 ya ba da 42, sai 14 da 7 na makonni biyun ƙarshe. Jimla lita 273 ke nan cikin kwana 84. Uwar tana ba da wajen lita 8 a rana, watau lita 672 a wannan tsawon lokaci, saboda haka abin da ya rage wa gida da sayarwa ya kusa lita 400, in an cire na kwanakin farko da ba a sayarwa. Amfanin bokiti ke nan a fili, mai saniya ya san abin da ya shiga cikin maraƙi da abin da ya shiga aljihunsa.

Littattafan da suka daɗe suna cewa a ba maraƙi nono kashi goma cikin ɗari na nauyinsa a rana. Binciken da aka yi daga baya ya nuna wannan shi ne mafi ƙaranci, kuma wanda aka ba fiye da haka ya fi saurin girma da ƙarfin jiki. Don haka awon da na kawo na mai tsimi ne, wanda yake da hali ya ƙara. Da hunturu ma tilas a ƙara, domin wani kaso na abin da maraƙi ya sha a daren sanyi wajen ɗumama jiki yake tafiya.

Sai wankin bokiti, wanda shi ne aikin da aka fi rainawa, galibi ma yara ake bar wa. Nono abinci ne ga ƙwayoyin cuta kamar yadda yake abinci ga maraƙi, kuma a zafin ƙasarmu wasunsu sukan ninka yawansu cikin ƙasa da rabin awa. Bokitin da aka sha da safe aka ajiye ba wanki, kafin yamma ya zama gonar cuta ko da ido bai ga kome ba. Wankin yana da tsari, kuma matakin farko ne mutane suka fi kuskurewa. Ba a fara da tafasasshen ruwa, don zafi yana dafa ragowar nonon ya manne a jikin bokiti, kamar yadda ƙwai ke kamawa a kasko. Da ruwa mai ɗan ɗumi ake fara ɗaurayewa. Sa'an nan a kawo ruwan zafi da sabulu a goge da buroshi ko soso, a bi gindi da baki da wurin mariƙi. A ɗauraye da ruwa mai tsabta, a kife shi a kan wani ɗan gado na kara a rana, ba a ƙasa ba, kuma kada a cusa wani bokitin cikin wani. Rana da bushewa suna kashe abin da sabulu ya bari. In ka shafa yatsa a ciki ka ji santsi to bai wanku ba.

Ƙwarya ba ta dace da wannan aiki ba, ko da yake mun saba da ita, domin jikinta yana shan nono. Tsohon bokitin roba da ya kakkarce shi ma haka, datti yana ɓuya a cikin karcen. Na ƙarfe mai santsi ya fi, in ba hali a sayi sabon na roba a yi masa alama, kada a ɗebi ruwan wanki da shi, kada a jiƙa dusa a ciki. In maruƙa suna da yawa kowane da nasa, kuma a fara ba ƙanana da masu lafiya, marar lafiya shi ne na ƙarshe. Nonon saniya mai ciwon hantsa, wanda ke fita da gudaji ko jini, ba a ba maraƙi shi.

Duk da wannan kula, a rana ta goma sha biyu maraƙar ta yi zawo. An yi kwana biyu ana ruwa ba rana, bokiti bai bushe ba, ƙudaje kuma sun yi yawa. Alamar farko ba kashin ba ce. Da safe ba ta taso da gudu ba da ta ji ƙarar bokiti, ta sha rabi ta bari, kunnuwanta suka saki. Da rana sai ga wutsiyarta ta ɓaci da kashi mai ruwa, fari-fari, mai wari. Abin da ya kamata kowa ya sani shi ne, yawanci ba ƙwayar cutar ce ke kashe maraƙi mai zawo ba, ƙarewar ruwa da gishirin jiki ne. Ana gane matsayinsa da abu uku. A tsunkuli fatar wuya a saki, in ta koma nan da nan da sauran ruwa a jiki, in ta tsaya a tattare fiye da daƙiƙa biyu ruwa ya fara ƙarewa. A dubi ido, in ya faɗa ciki har an ga rata tsakaninsa da fatar ido abin ya yi nisa. A sa yatsa a baki, in yana tsotsa da ƙarfi ana iya jiyyarsa a gida. In bakin ya yi sanyi ba ya tsotsa, ko ya kasa tsayuwa, ko akwai jini a kashin, to a nemi malamin dabbobi maza, don sai an yi masa ƙarin ruwa ta jijiya, ɗura ta baki a wannan hali tana iya shiga huhu.

Tamu tana tsaye, tana tsotsa. Aka tafasa ruwa lita 2 aka bar shi ya huce zuwa ɗumi, aka zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya, garin soda irin na masu yin burodi rabin ƙaramin cokali, da gulukos babban cokali huɗu. A nan akwai abin lura. Ruwan gishiri da sukari da ake yi wa yara a gida bai dace da maraƙi ba, domin hanjin ƙaramin maraƙi ba ya iya narkar da sukarin shayi, sai ma ya ƙara masa zawon. Gulukos ake nema, ko zuma in ba a samu ba, ko kuma ƙunshin garin da ake sayarwa a shagon maganin dabbobi musamman don maruƙa. Aka ba ta lita ɗaya da hantsi, lita ɗaya da dare. Nonon kuma ba a tsayar ba. A da ana koyar da cewa a hana mai zawo nono kwana ɗaya ko biyu, yanzu an gane wannan yunwa ce kawai ake ƙara masa, ruwan gishiri ba ya ciyarwa. Sai dai a rarraba nonon kaɗan-kaɗan, kuma a bar wajen awa 2 tsakaninsa da ruwan gishirin, don soda tana hana nono dasƙarewa a ciki. Aka sake shimfiɗa, aka riƙa busar da bokiti kusa da murhu. A rana ta uku kashin ya fara ɗaurewa. Da ta warware malamin dabbobi ya ba ta maganin tsutsar ciki, ya ce akwai wata doguwar tsutsa da maruƙa ke samu ta cikin nonon uwa, kuma wajen mako biyu da haihuwa ne lokacin kashe ta.

Yaye ba a ranar yaye ake fara shi ba, tun makon farko ake shirya shi, domin ba a iya ɗauke nono sai tumbi ya fara aiki. Abin mamaki, ba nono ne ke gina tumbi ba, tun da ba ya shiga cikinsa. Hatsi ne da ruwa. Sa'ad da ɗan garin hatsi ya shiga tumbi ya jiƙa, abin da ke fita daga ruɓewarsa shi ke sa bangon tumbin ya tsiro da 'yan tsinkayen nan da muke gani kamar tawul in an yanka sa, waɗanda ta cikinsu abinci ke shiga jini. Saboda haka tun maraƙar tana da kwana biyar aka ajiye mata ruwa mai tsabta a wani kwano dabam, ana sakewa kullum. Masu cewa mai shan nono ba ya bukatar ruwa sun manta nono da ruwa ba ciki ɗaya suke zuwa ba.

Haɗin da aka yi mata shi ne ɓarzajjen masara kashi biyu, dusar alkama kashi ɗaya, dakakken ƙuli-ƙuli marar yaji kashi ɗaya, duk bisa nauyi, da ɗan gishiri kaɗan. Ƙuli-ƙulin da ya yi funfuna guba ne, a zubar. Angurya kuwa, ko da yake tana da kyau ga manyan shanu, tana da wani dafi da ƙaramin maraƙi ba ya iya jurewa sai tumbinsa ya ƙosa, don haka a jinkirta ta. Da farko ɗan dintsi ake sa mata a baki da zarar ta gama shan nono, wanda kuma yana hana ta tsotsar itace da igiya. Abin da ta rage kullum a kwashe a ba awaki, a zuba sabo. Daga mako na uku aka rataya mata 'yar harawar gyaɗa mai ganye. Wajen mako na biyar muka fara ganin tana tuƙa, alamar tumbi ya farka ke nan.

Ana yanke shawarar yaye ne da abin da maraƙi ke ci, ba da ƙidayar kwanaki kaɗai ba. In yana cinye kusan kilo ɗaya na haɗin nan a rana, kwana uku a jere, nauyinsa ya ninka na haihuwa, kuma lafiyarsa ƙalau, to ya isa. In bai kai ba a ƙara masa mako biyu ko uku, nonon da za a kashe bai kai hasarar tsumburarriyar karsana ba. Rage nonon da aka yi a hankali daga mako na tara shi ne ya tura maraƙar ga kwanon dusa, don da yunwa ta ɗan taɓa ta sai cinta ya hau. Lokacin na koma makaranta, ƙanena ne ya ci gaba da rubuta awon a littafin da na bar masa. A ƙarshen mako na sha biyu, cikin watan Oktoba, tana cin kilo ɗaya, sikeli kuma ya nuna kilo 58. Ta ƙaru da kilo 33 cikin kwana 84, wajen giram 400 ke nan kowace rana.

Baffana bai fitar da ita daga rumfarta a ranar da aka ɗauke bokiti ba. Ya bar ta mako biyu a wurin da ta saba, tana cin abincin da ta saba, don kada a haɗa mata rashin nono da sabon wuri da tunkuyin manya a lokaci guda. Yayen ya zo daidai da kaka, harawar wake da ta gyaɗa sun cika gari. Bayan mako biyun aka duba jikinta aka cire kaska, aka haɗa ta da wasu maruƙa biyu sa'o'inta, ana ci gaba da ba ta haɗin masara kilo ɗaya da rabi a rana har ta cika wata shida.